Kai da Kafaɗu: Yadda Ake Auna Faɗuwar Farashi, da Yadda Ake Gane Zanen Ya Gaza

Duk wanda ya leƙa kasuwar kirifto ko ta hannun jari ya ji ana cewa "kai da kafaɗu ya fito, a sayar." Sau da yawa gaggawa ce, domin siffar da ake gani a zanen farashi ba ta zama hujja sai farashin ya karya wani layi, kuma wurin jiran wannan karyewar ne haƙurin mutane ke ƙarewa.

A ce hannun jarin wani kamfani ya daɗe yana hawa har ya kai naira 90, sai ya sauko 80. Wannan ce kafaɗar hagu. Ya sake yunƙurawa ya kai 100, ya dawo 80, kai ke nan. A karo na uku ya tsaya a 88, ƙarfinsa ya ƙare, ya juyo, wato kafaɗar dama. Layin da ya haɗa wuraren nan biyu da ya sauka shi ake kira layin wuya. Ma'anar ita ce masu saye sun kasa maimaita abin da suka yi a baya, kuma galibi cinikin da ake yi a kafaɗar dama bai kai na hagu yawa ba. Amma fa muddin farashi yana saman 80, babu abin da ya tabbata. Sai kyandir ɗin ranar ya rufe a ƙasan layin, ba wai ya leƙa ya koma ba.

Awon ba shi da wahala, kuma haka Robert Edwards da John Magee suka koyar da shi a littafinsu na 1948. Daga kai zuwa wuya naira 20 ne. A cire 20 daga inda layin ya karye, saura 60, nan ake sa ran farashin zai nufa. In layin wuya a karkace yake, a auna daga tsinin kai a miƙe zuwa layin, sannan a cire daga wurin karyewar.

Ƙololuwa biyu kuwa ƙanwar wancan ce: farashi ya kai wani matsayi sau biyu ya kasa wucewa, da kwari a tsakani. Gindin kwarin shi ne layin da ake jira, awon kuma iri ɗaya ne.

Sai dai awon yana da iyaka, kuma Bitcoin ya nuna ta a fili. A Afrilun 2021 ya kai kusan dala 65,000, ya faɗo wajen 29,000 a tsakiyar shekara, ya sake hawa kusan 69,000 a Nuwamba. A 2022 ya karya kwarin. Wanda ya cire tazarar 36,000 daga 29,000 zai sami adadin da bai kai sifiri ba, abin da ba zai yiwu ba. Shi ya sa idan siffa ta yi girma haka ake komawa lissafin kaso. Faɗuwar farko ta bar kusan kashi 45 cikin ɗari na farashin, in an maimaita ta daga 29,000 ana samun wajen 13,000. A Nuwamban 2022 ya tsaya a kusa da 15,500. Ya kusa, bai kai ba, kuma wanda ya kafe sai ya ga 13,000 kafin ya saya, kasuwa ta tafi ta bar shi. A ganina kirdado ne mai amfani, kar a ɗora masa nauyin da ya fi haka.

To yaushe za a ce zanen ya gaza? Mu koma misalinmu. Bayan karyewa, farashi yakan dawo ya taɓa 80 daga ƙasa sannan ya ci gaba da sauka. Wannan ba gazawa ba ce, an saba ganinta, kuma tana firgita sababbin shiga su fita ba gaira ba dalili. Idan ya rufe a saman 80 ya zauna kwana biyu ko uku, alama ta fara lalacewa. Idan ya rufe a saman kafaɗar dama, wato 88, magana ta ƙare, siffar ta mutu. A ƙololuwa biyu, rufewa a saman ƙololuwar ce hukuncin ƙarshe. Hawan da ke biyo baya yakan zo da ƙarfi, saboda waɗanda suka yi cinikin faɗuwa dole su saya domin su tsira, sayen nasu kuma yana ƙara tura farashin sama.

Wanda ya shiga a 79 yana neman ribar naira 19, yana kasadar naira 9. Wanda ya makara har farashi ya kai 70, ribar da ta rage masa 10 ce, kasadarsa kuwa 18, wannan ciniki bai cancanci a shiga ba komai kyan siffar. Don haka, mai karatu, kafin ka taɓa kuɗinka rubuta lambobi uku a takarda: layin wuya, inda kake sa ran farashi zai kai, da inda za ka fita in ya juya maka.