Kuɗin Ya Makara, Kuma Bai Cika Ba: Me Za A Rubuta Wa Mai Saye?

A ce ɗan kasuwa a Dawanau ya loda zoɓo zuwa wani kamfani a Hamburg, takardar ciniki ta ce dala 20,000. Baturen ya ce ya biya. Kwana tara shiru, sai ga sanarwar banki: dala 19,771. Alhaji ya kira yaronsa mai rubuta masa imel da Turanci, rai a ɓace, ya ce a gaya wa mutumin nan kuɗi bai cika ba.

Rubutun farko yakan fito da gaisuwa layi biyar, da ƙorafin tsadar rayuwa da faɗuwar naira, sannan zargi a ƙarshe. Wanda zai karanta shi kuwa akawu ne, a littafinsa an riga an rufe wannan ciniki. Abin da zai motsa shi lissafi ne da zai iya miƙa wa bankinsa.

Kafin a taɓa rubutun, sai an san inda dala 229 ta maƙale. SWIFT, ƙungiyar da aka kafa a 1973 mai hedikwata a Beljiyam, ba ta ɗaukar kuɗi, saƙon umarni kawai take isarwa tsakanin bankuna. Dala kuwa yawanci sai ta ratsa ta wani banki a New York kafin ta iso asusun dala a Kano. Bankin tsakiyar na iya tsayar da ita don bincike, misali idan sunan mai karɓa bai yi daidai da na asusun ba, ko ba a faɗi dalilin biyan ba. Ga Asabar da Lahadi, ga hutun ƙasashe uku. Yana kuma iya yankar ladansa daga cikin kuɗin.

Don haka buƙatar farko a imel ita ce kwafin shaidar turawa, wadda ma'aikatan banki suka saba kira MT103, da lambar bin sawu ta UETR. A takardar akwai gurbi mai lamba 71A. Idan an rubuta OUR, mai turawa ne ya ɗauki cajin duka. SHA na nufin raba-daidai ta fuskar hanya: shi ya biya bankinsa, sauran a cire daga kuɗin. BEN kuwa komai a wuyan mai karɓa.

A misalinmu SHA aka zaɓa, bankin tsakiya ya cire dala 45. Saura 184, kuma nan ne aka fi samun saɓani. Asusun kamfanin na yuro ne. Akawun ya duba intanet ya ga yuro ɗaya dala 1.08, ya tura yuro 18,520 da tunanin ya cika cif. Banki kuwa ya canza a kan 1.07, kuɗin ya koma dala 19,816. Farashin intanet tsaka-tsaki ne tsakanin saye da sayarwa, ba a kansa banki ke yi wa mutum canji ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen 'yan canji a Wapa ya san da tazarar nan.

Yanzu sai gyaran rubutu. Kan saƙon ya ɗauki lambar takardar ciniki da adadin giɓin. Gaisuwa layi ɗaya ta isa, sai godiya cewa kuɗin ya iso, da ranar da ya iso. A rubuta sunan wata da haruffa, domin 03/04 a Jamus 3 ga Afrilu ne, a Amurka 4 ga Maris. Sannan lissafin ya biyo baya, kowane adadi da sunan kuɗinsa a gefe: abin da aka nema, abin da ya shigo, cajin hanya, bambancin canji.

Jimlar "ba ku biya duka ba" ta fita. A madadinta a ce bankinmu ya nuna dala 19,771 ce ta shigo, ga takardar a haɗe. Maganar naira ma ta fita gaba ɗaya, tunda da dala aka yi ciniki. Yadda Alhaji zai canza kuɗinsa a gida ba matsalar Hamburg ba ce.

Ƙarshen saƙon ya nemi abu ɗaya tak. A ganin mai wannan rubutu, sake turo dala 229 ita kaɗai asara ce, don caji zai sake cin wani kaso. Gara a nemi a ɗora ta kan ciniki na gaba, a kuma amince a rubuce cewa daga yanzu da dala za a turo, a zaɓi OUR. Idan yarjejeniyar farko ba ta faɗi mai ɗaukar caji ba, yafe dala 45 ɗin ya fi sauƙin ja-in-ja.

Kada kuma a cusa sabuwar lambar asusu a cikin irin wannan saƙo. Da wannan dabarar 'yan damfara ke karkatar da kuɗin kamfanoni, kuma akawu mai hankali zai dakatar da biya har sai ya tabbatar ta waya.