Injin Esfureso: Wankin Baya, Zoben Roba da Ruwan da Ake Ba Shi

Duk wanda ya shiga gidajen shan gahawa na Abuja ko Kano ya san injin nan mai ƙyalli da ke tsiyayar da gahawa baƙa ƙirin cikin ɗan ƙaramin kofi. Asalinsa daga Italiya ne. Aikinsa shi ne tura ruwa mai zafin kusan digiri 93 ta cikin garin gahawa, da matsin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 9. Irin wannan matsi ba ya yafe ƙazanta.

Gahawa tana da maiƙo. Da zarar an kashe famfo, wani bawul mai hanya uku yana buɗewa ya saki sauran matsin zuwa tiren da ke ƙasa. Ruwan da ke komawa ta nan yana ɗauke da maiƙo da ɓurɓushin gari, su manne a rariyar kan injin da cikin bawul ɗin. Sannu a hankali maiƙon ya yi tsami, gahawa ta riƙa ɗaci kamar ta ƙone, mai shago kuwa ya ɗora wa mai kawo masa wake laifi.

Maganinsa wankin baya. Ana cire gwangwanin gari mai ramuka daga mariƙi, a sa wanda ba shi da rami ko ɗaya. A zuba rabin ƙaramin cokali na hodar wankin injin gahawa, irin su Cafiza ko Puly Caff, a ɗaura mariƙin. A kunna famfo daƙiƙa 10, a kashe daƙiƙa 10, sau biyar. Tun da ruwan ba shi da mafita ta gaba, dole ya juya ta bawul, sai ka ga kumfa mai ruwan ƙasa tana fesowa cikin tire. Daga nan a ɗauraye gwangwanin, a maimaita sau biyar da ruwa zalla, kuma kofin farko da aka haɗa a zubar da shi. Shago mai ciniki yana yin haka kowane dare. A gida, sau ɗaya a mako biyu zuwa wata ya isa.

Sai dai fa a kula: ƙananan injuna da yawa ba su da wannan bawul, kuma ba a yi musu wankin baya. Masu kai samfurin E61, wanda kamfanin Faema ya fito da shi a 1961, hodar tana wanke man da ke cikin hannun kunnawa. Idan ya fara ƙara, man shafawa mai lafiya ga abinci yake nema.

Zoben roba kuwa shi ke toshe tsakanin mariƙi da kan injin. Zafi yana busar da shi har ya yi tauri ya tsattsage. A yawancin injuna, sabon zobe yana tsayar da hannun mariƙi yana kallonka kai tsaye. Idan hannun ya soma zarcewa dama, ruwa kuma na ɗiga ta gefe, zoben ya gaji. Ƙara murɗawa da ƙarfi ɓarna ce kawai. A ɓanɓaro tsohon, a goge gurbin, a sa sabo mai kauri daidai, domin akwai na milimita 8 da na 8.5. Na roba yakan yi wata shida zuwa shekara, na silikon ya fi daɗewa.

A ganina, ruwa shi ne babbar magana, don hodar wankin baya ba ta isa cikin tukunyar injin. Ruwan burtsatse a wurare da yawa yana ɗauke da kalsiyam da magneziyam, waɗanda ke barin farin ɓawo kamar wanda ake gani a gindin butar shayi. Ɓawon yana rufe ƙarfen dumama ruwa, ya toshe siraran hanyoyi, ruwa ya rage gudu. Matatar tausasa ruwa tana ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu kama waɗannan sinadarai su saki sodiyam ko haidurojin a madadinsu. Ƙwayoyin suna ƙoshi, kuma ba a ganin haka da ido.

A ce matatarka an rubuta za ta tace lita 1,000 a wani mizanin tauri, kai kuma kana cin lita 10 a rana: kwana 100 ke nan. Idan ruwanka ya ninka wannan tauri, kwana 50 kacal gare ka. Shi ya sa ake gwada ruwa da 'yar takardar gwaji kafin a saya, a kuma riƙa gwada wanda ke fitowa daga matatar. Kada kuma a koma ruwan da aka tace shi fes ba sinadari: yana cin ƙarfe, kuma ma'aunin cikar tukunya ba ya jin sa.

Ranar da ka sa sabuwar matata, rubuta kwanan wata a jikinta.