Abin da ya kamata ya faru idan aka kama ɗalibi da satar amsa

A daren 28 ga Mayun 2025, ɗalibai a jihohi da dama na Najeriya sun rubuta jarrabawar Ingilishi ta WAEC da hasken tocila, saboda takardun tambayoyi ba su iso ba sai da duhu ya shiga. Hukumar ta ce jinkirin ya samo asali ne daga ƙoƙarinta na hana tambayoyin fita kafin lokaci. Matsalar tsohuwa ce. Tun a 1977 fitar tambayoyin WAEC ta yi ƙamarin da gwamnati ta kafa kwamitin bincike, a 1984 kuma gwamnatin soja ta yi dokar da ta tanadi ɗaurin shekara 21. Dokar Maguɗin Jarrabawa ta 1999 ta sassauta wannan: ɗalibin da bai kai shekara 18 ba zai iya biyan tarar naira 100,000, ko ya sha ɗaurin da bai wuce shekara uku ba, ko duka biyun. Malami ko shugaban makaranta ko mai sa ido kuwa, ɗaurin shekara huɗu ne babu zaɓin tara.

Sai dai ba kasafai irin wannan magana ke kaiwa kotu ba. Yawanci a cikin makaranta take ƙarewa, kuma abin da ke raba makarantar da ta iya da wadda ba ta iya ba shi ne 'yan takardun da ta ajiye tun kafin a raba tambayoyi.

Ta farko ita ce taswirar zama. A rubuta lambar kowane ɗalibi a kan teburinsa, a jere, da tazarar da ba zai iya leƙen na kusa da shi ba, sannan a zana yadda aka zauna a takarda. Ta biyu rajistar halarta ce, wadda ɗalibi zai sa wa hannu lokacin shiga da lokacin miƙa takardar amsa. Mutane na ɗaukar waɗannan a matsayin cika ƙa'ida kawai, alhali su ne shaidu. Idan daga baya aka tarar ɗalibai biyar sun yi kuskure iri ɗaya a lissafi, har da lambar da aka soke aka sake rubutawa, taswirar ce za ta nuna ko layi ɗaya suka zauna. Rajistar kuma, tare da katin da ke ɗauke da hoto, ita ke tona asirin sojan gona, wato wanda aka ɗauko ya rubuta wa wani.

Bincike a bakin ƙofa ake yin sa, kafin kowa ya zauna. Malamai mata su binciki 'yan mata a keɓe, har da cikin hijabi, maza su binciki maza. Waya, agogon da ke karɓar saƙo da jaka duk a waje suke tsayawa. Akwai wata ƙa'ida da makarantu ke yawan takewa saboda ƙarancin ma'aikata: malamin darasi ba ya sa ido a jarrabawar darasinsa. Ba wai don ana zargin sa ba ne. Wanda ya shekara uku yana koyar da yara kimiyyar sinadarai, da wuya ya ga suna kuskure ya iya kame bakinsa. Irin wannan tunani ne ya sa a jarrabawar WAEC da NECO babban mai kula da cibiya daga wata makarantar ake turo shi.

To, a ɗauka jarrabawar gwaji ce ta 'yan ajin ƙarshe, minti arba'in da farawa, sai mai sa ido ta hango wani yaro yana zaro 'yar takarda daga safarsa. A nan ne yawancin malamai ke ɓata al'amari. Wani ya yi ihu ya yage takardar amsar, wani ya zabga mari, wani ya kore shi waje. Wanda ya yage takarda ya lalata hujja da hannunsa, wanda ya kori yaro kuma ya yanke hukunci tun ba a saurari kowa ba.

Abin da ya dace shi ne ta karɓe 'yar takardar cikin natsuwa, ta kira malami na biyu ya gani da idonsa, ta ja layi a ƙarƙashin inda yaron ya tsaya a takardar amsarsa, ta rubuta lokaci ta sa hannu. Sai a ba shi damar ci gaba da rubutu. Wannan na ba mutane mamaki, amma dalilinsa a fili yake: idan bincike ya wanke shi, bai rasa jarrabawarsa ba, idan kuma ya same shi da laifi, soke sakamako abu ne mai sauƙi. Da an tashi, yaron ya rubuta bayaninsa da hannunsa, malaman biyu su rubuta nasu dabam-dabam. A rubuta lambarsa a jikin 'yar takardar, a maƙala ta da takardar amsa, a rufe su a ambulan guda a miƙa wa jami'in jarrabawa na makaranta a ranar. Idan ya ƙi rubuta bayani, kada a tilasta masa. A rubuta cewa ya ƙi, shaidu su sa hannu. Ya taɓa faruwa ɗalibi ya haɗiye takardar, kuma a nan ma rahoton mutum biyu da suka gani shi ne madogara.

Daga nan sai kwamitin ladabtarwa ya zauna, kuma wadda ta kama yaron shaida ce, ba ta cikin masu hukunci. A gayyaci uba ko waliyyi, a karanta zargin, a ba yaron dama ya yi magana. Kwamitin zai ɗora 'yar takardar kusa da amsoshinsa ya duba: rubutun hannunsa ne? Abin da ke ciki ya shafi darasin? Ya kwafe shi kafin layin da aka ja? Shigowa da takardar laifi ne ko bai buɗe ta ba, amma wanda ya kwafi shafi guda ba daidai yake da wanda aka kama tun bai fara ba. Idan kuma aka ga takardar tana amsa tambayoyin ranar ɗaya bayan ɗaya, maganar ta wuce yaron. Tambayoyi sun fita ke nan, kuma bincike zai koma kan wanda ya tsara su, wanda ya buga su, da wanda ke riƙe da makullin inda aka ajiye su.

Hukuncin ya kasance wanda tun farkon zango aka rubuta aka karanta wa ɗalibai da iyaye, kamar soke makin darasin, gargaɗi a rubuce, ko dakatarwa ga wanda ya maimaita. Abin da ke rusa tsarin shi ne alfarma. Ranar da aka yafe wa ɗan wani babba, duk ajin sai sun ji labari kafin la'asar.

A jarrabawar fita kuwa, makaranta ba ta da ikon yanke hukunci. Mai kula da cibiya zai cike fom ɗin hukumar ya tura tare da hujjojin, WAEC ta riƙe sakamakon har kwamitinta na jarrabawa ya zauna. Yana iya sakin sakamakon, ko ya soke darasi ɗaya, ko ya soke duka, ko ya hana ɗalibi sake zama na wani lokaci. Idan aka tabbatar satar ta game zauren gaba ɗaya, kamar a rubuta amsa a allo, ana iya janye wa makarantar amincewa, a kuma miƙa sunayen malaman da ke da hannu ga ma'aikatar ilimi ta jiha.