Zafin jiki bayan shekara 45: wa ya kamata ta sha maganin maye gurbin sinadarai?

A ce kina da shekara 48. Al'adarki ta fara wasa: wannan wata ta zo, wata biyu shiru, sai kuma ta dawo da yawa. Cikin dare ki farka sharkaf da gumi ko da sanyin hunturu ake yi. Da rana zafi ya taso miki daga ƙirji zuwa fuska, ya yi 'yan mintuna ya lafa. An gwada maleriya, babu.

Abin da ke faruwa shi ne ma'ajiyar ƙwayayenki ta fara rage aiki, sinadarin istirojin da take samarwa yana hawa yana sauka. Ɓangaren ƙwaƙwalwa da ke daidaita zafin jiki ya saba da wannan sinadari, don haka idan ya ragu, ɗan ɗumi kaɗan ma sai ya ɗauke shi a matsayin zafi mai yawa, ya buɗe jijiyoyin fata, ya saki gumi. Wannan zango yakan ɗauki shekaru. Sai kin yi wata 12 cur ba jini kafin a ce al'ada ta ɗauke, galibi tsakanin shekara 45 zuwa 55. Kafin nan ciki na iya shiga. Kuma kada a ɗora wa shekaru komai: gumin dare da ya haɗu da tari da rama, tarin fuka ake fara nema.

Maganin da ya fi kwantar da wannan zafi shi ne a mayar wa jiki istirojin ɗin, ta ƙwaya, ko man shafawa, ko filasta da ake mannawa a fata. Yana kuma rage lalacewar ƙashi. To me ya sa ake tsoronsa?

A 2002 aka dakatar da wani babban bincike a Amurka kan mata sama da 16,000, saboda masu shan haɗin sinadarai biyu sun ɗan fi samun sankarar mama, da daskarewar jini a jijiya, da shanyewar ɓarin jiki. Ƙarin sankarar ya kai mata 8 cikin 10,000 a shekara. Sai dai matsakaicin shekarun matan 63 ne, yawancinsu sun daɗe da daina al'ada. Da aka sake duba alƙaluman, sai aka ga lokacin farawa yana da tasiri sosai. Ga macen da ba ta kai 60 ba, ko ba ta wuce shekara 10 da ɗaukewar al'ada ba, kuma alamomin suna hana ta sakat, amfanin yakan rinjayi haɗarin.

Mu koma gare ki. Shekara 48 tana cikin wannan iyaka. Tambaya ta gaba da likita zai yi ita ce ko mahaifarki na nan. Idan tana nan, ba a ba ki istirojin shi kaɗai, domin yana kauraro da bangon mahaifa har ya iya rikiɗewa ya zama sankara. Dole a haɗa da sinadari na biyu, firojestaron, mai kare bangon. Wadda aka cire wa mahaifa ba ta buƙatarsa. A ganinmu wannan ne babban dalilin da bai kamata ki sayi maganin a kemis don ƙawarki ta ji daɗinsa ba.

Sannan tarihinki. Idan kin taɓa yin sankarar mama, ko jini ya taɓa daskare miki a ƙafa ko huhu, ko kin yi bugun zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, ko hantarki na ciwo yanzu, wannan magani ba naki ba ne. Akwai wasu marasa sinadaran da ke rage zafin. Hawan jini kuwa ba ya hanawa, a dai fara shawo kansa. Mai ƙiba an fi zaɓar mata na fata, saboda ƙwayar da aka haɗiya tana fara bi ta hanta, ta sa ta ƙara samar da abubuwan da ke daskarar da jini.

Idan damuwarki bushewar gaba ce kawai da zafin saduwa, ɗan istirojin da ake sakawa a wurin ya wadatar, kaɗan ne ƙwarai ke shiga jini. Wadda al'adarta ta ɗauke kafin shekara 40 kuma lissafinta daban ne: ana so ta sha har zuwa wajen shekara 50, don kare ƙashi da zuciya.

Jinin da ya dawo bayan shekara guda da ɗaukewa, ko ɗigo ne, sai an duba mahaifa an gano dalilinsa kafin a yi maganar kowane magani.