Yadda mai fassara ke goge binciken da ka rubuta a C

A yawancin kwamfutoci, lamba mafi girma da `int` ke iya ɗauka a yaren C ita ce 2,147,483,647. Idan aka ƙara mata ɗaya, ƙa'idar C ba ta ce komai kan abin da zai faru ba, domin tana ɗaukar cewa shiri mai kyau ba zai taɓa yin haka ba.

A ce wani ya rubuta wannan don ya gano ko lamba za ta haura iyaka:

```c
if (x + 1 < x) return -1;
```

Yana tsammanin lambar za ta juya ta koma ƙasa da sifili. Amma GCC, manhajar da ke mayar da C zuwa yaren na'ura, idan aka ba ta `-O2` sai ta yi lissafi haka: tunda haura iyaka haramun ne, `x + 1` kullum ya fi `x`. Sharaɗin ba zai taɓa cika ba, sai ta goge layin gaba ɗaya.

Ba mugunta ba ce. Wannan zato shi ke ba ta damar rage bincike a aikin da ake maimaitawa, shirin ya ƙara sauri. Abin da ke damuna shi ne sau da yawa ba ta yin gargaɗi.

Maganin shi ne a bincika kafin a ƙara: `if (x == INT_MAX)`. A lokacin gwaji kuma, `-fsanitize=undefined` zai nuna layin da lambar ta haura.