Lambar OTP ta ƙi shigowa: ina take maƙalewa?

An cike suna, an saka ranar haihuwa, an ɗauki hoto, sai manhaja ta ce ta tura lambobi shida ta saƙon tes. Agogon da ke kan fuskar waya yana ta ƙirga daƙiƙu, amma saƙo shiru kamar an shuka dusa. Wannan ita ce lambar OTP, wadda ake amfani da ita sau ɗaya tak, kuma cikin 'yan mintoci take mutuwa.

Yawancin mutane sabis suke ɗora wa laifi, su yi ta danna Resend. Amma sau da yawa an tura saƙon, ya ma isa. Wani layi daban ya je.

A ɗauki misalin mai sayar da atamfa a Kantin Kwari da ke son buɗe asusu ta waya. Ta saka layin da take amfani da shi yanzu, lambar farko ta shigo nan take. Da ta saka BVN ɗinta aka ce an tura wata lambar, sai abu ya tsaya cak. Dalili kuwa shi ne wannan lamba ta biyu ba ta bin layin da aka rubuta a manhaja, tana bin layin da aka bayar ne ranar da aka yi rajistar BVN. Tun a 2014 aka fara wannan rajista a Najeriya, kuma tsakanin lokacin da yau an sace wayoyi, an sauya layuka, wasu ma da layin miji ko na yaya suka yi tasu.

Gane hakan ba wuya. Manhajoji da yawa sukan nuna lambobin ƙarshe na layin da suka tura wa saƙon, su rufe sauran da taurari. Idan ba su dace da layin da ke cikin waya ba, ko sau ɗari aka danna Resend ba abin da zai shigo.

Mafita biyu ce. Idan tsohon layin ɓata ya yi kuma da sunan mutum aka yi masa rajista, sai ya je ofishin kamfanin layin da NIN ɗinsa a dawo masa da shi. Idan kuma ya daɗe a ajiye har kamfani ya sayar wa wani, sai a nufi reshen banki da katin shaida, a cike takardar sauya lambar waya a kan BVN. Wannan bai kamata a yi masa jinkiri ba, domin saƙonnin asusun mutum suna iya faɗawa hannun baƙo.

To, idan layin daidai ne fa?

Sai a fara da yadda aka rubuta shi. Inda shafi ya riga ya sa +234, ana cire sifilin farko, a bar lambobi goma. Daga nan a roƙi wani ya turo saƙon gwaji. Idan shi ma bai shigo ba, matsalar daga waya ce ko layi: a kashe wayar a kunna, a share tsofaffin saƙonni idan ƙaramar waya ce da akwatinta ya cika, sannan a kira 300 daga layin a ji ko an rufe shi saboda rashin haɗa shi da NIN.

Idan saƙon gwaji ya shigo amma OTP bai zo ba, a leƙa wurin Spam & blocked a manhajar saƙonni. A kuma duba tsarin DND, wanda hukumar NCC ta kawo a 2016 don tare saƙonnin talla, domin yakan tare OTP idan kamfani ya turo ta hanyar da ake turo talla. Tura HELP zuwa 2442 yana nuna yadda ake sassauta shi.

Shi kuwa Resend, sau ɗaya ya isa, bayan agogon ya ƙare. A yawancin manhajoji sabuwar lamba tana kashe ta baya, kuma yawan nema kan sa a kulle mutum na wani lokaci. Idan saƙonni uku suka shigo a tare, na ƙarshe ake ɗauka. Inda aka ba da zaɓin kira ko imel, a gwada shi.

A irin wannan lokaci na ƙosawa ne 'yan damfara suke samun shiga. Wani zai kira ya ce daga banki yake, a karanto masa lambar ya ƙarasa rajistar. Banki ba ya neman OTP ta waya. Wanda ya rasa yadda zai yi, ya nemi taimako ta lambar da ke cikin manhajar ko ya je reshe da ƙafarsa. Idan kuma kamfanin layi ya kasa warware ƙorafinsa, yana iya kiran NCC kyauta a 622.