Kashi 12 a takarda, 12.68 a asusu: yadda ruwan wata-wata ke taruwa

Idan banki ya ce asusun ajiyarsa na ba da kuɗin ruwa kashi 12 cikin ɗari a shekara, kuma ana zubawa kowane wata, mutum zai ɗauka cewa naira 100,000 za ta haifi naira 12,000 daidai. Amma wanda ya bar kuɗin shekara guda bai taɓa ba zai tarar da ƙarin naira 12,682 da kwabo 50. Ba kyauta bankin ya yi masa ba, lissafin ne ya ba da haka.

Kashi 12 ɗin da aka rubuta na suna ne kawai. Banki yakan raba shi gida goma sha biyu, kowane wata ya sami kashi 1. A ƙarshen watan farko naira 100,000 ta sami 1,000, ta zama 101,000. A wata na biyu ba a kan uwar kuɗi kaɗai za a yi lissafi ba, har da dubu ɗayan da ta shigo, don haka ruwan watan ya zama 1,010, jimla 102,010. A wata na uku ruwan ya kai 1,020 da kwabo 10. Haka abin yake tafiya, ruwa yana haifar ruwa, har a watan ƙarshe a zuba 1,115 da kwabo 67. Idan aka gwada duk abin da ya ƙaru da kuɗin da aka ajiye tun farko, za a sami kashi 12.68, kuma wannan shi ne kason gaskiya na shekara.

Ba sai an bi watanni ɗaya bayan ɗaya ba. Ga ƙa'idar, inda r ke nufin kason suna, wato 0.12 a misalinmu:

```
(1 + r/12)^12 - 1
```

A kalkuletar waya, raba 0.12 da 12, ka sami 0.01. Ƙara 1, ya zama 1.01. Sai ka jera 1.01 sau goma sha biyu kana ninka su da juna, za ka sami 1.1268. Cire 1, saura 0.1268, wato kashi 12.68 cikin ɗari. Tazarar tana girma ne gwargwadon girman kason: kashi 6 na suna yakan zama 6.17, amma kashi 24 yakan kai 26.82.

Amfanin sanin wannan yana fitowa ne wajen zaɓi. A ce wani asusu na ba da kashi 12.5 amma sau ɗaya yake zubawa, a ƙarshen shekara, wani kuma kashi 12 wata-wata. Ido zai tafi kan na farko, alhali 12,500 zai bayar a kan naira 100,000, na biyun kuwa ya fi shi da naira 182 da rabi. Saboda haka kafin ka sa hannu, tambayi ma'aikacin banki: wannan adadin na suna ne ko na gaskiya, kuma sau nawa ake zubawa a shekara?

Sai dai lissafin yana da sharaɗi: a bar kuɗin da ruwansa wuri ɗaya, kuma kason bai canja ba. Wanda ke kwashe dubu ɗayar kowane wata 12,000 cif zai samu, domin bai bar abin da zai haihu ba. Bankuna da dama a Najeriya kuma ba sa biyan ruwan watan da aka cire kuɗi fiye da sau huɗu. Idan wata biyu suka tafi a haka, ko da jimlar kuɗin ba ta ragu ba, kason ya sauka zuwa 10.46. Haraji da kuɗin saƙon waya ma ba sa cikin ƙa'idar, daga baya ake cire su. Asusun raba riba na bankunan Musulunci irin su Jaiz shi ma daban yake, tunda ba a yanke adadin ribar tun farko.

Hanyar tabbatarwa tana cikin takardar bayanin asusunka. Ɗauki ruwan da aka zuba a wani watan da ba ka saka ko cire kuɗi ba, ka raba shi da kuɗin da ke ciki a farkon watan. Idan an ce maka kashi 12, ya kamata ka ga kusan 0.01. Ƙaramin bambanci ba komai ba ne, domin bankuna da yawa da kwanaki suke ƙirgawa, shi ya sa na Fabrairu yakan gaza na Maris. Amma idan ka ga 0.005, to kashi 6 ake ba ka, sai ka koma banki da takardar a hannu ka nemi bayani.